Gonna, ain't da kore biyu a Turanci: kuskure ne ko karin harshe?

Tambaya: Malam, ina koyar da Turanci a aji biyu na babbar sakandare. Ɗalibaina suna kwaso *gonna* da *ain't* da irin su *I don't know nothing* daga finafinai da waƙoƙin Amurka. Na saba ja musu jan biro, sai wani yaro ya ce mini ai Turawan ma haka suke faɗa, kuma ƙamus bai ce kuskure ba ne, *non-standard* ya rubuta. Wa ke da gaskiya, kuma yaya zan riƙa yin maki?

Amsa: Malama, yaron ya karanta ƙamus ɗinsa daidai, ke ma kina da hujjar ɗaukar jan biro. Abin da zai canza shi ne abin da za ki rubuta a gefen takarda, domin abu uku ne daban ake cakuɗawa a ƙarƙashin kalmar "kuskure".

Na farko shi ne kuskure na haƙiƙa, wato jimlar da babu wata al'umma mai jin Turanci tun daga nono da ke gina ta haka. Na biyu shi ne maganar da ta dace da hira amma ba ta dace da takardar hukuma ba, ita ce ƙamus ke yi wa alamar *informal*. Na uku shi ne tsarin da miliyoyin mutane suka tashi da shi, yana da ƙa'idojinsa cif, sai dai ba ya cikin daidaitaccen Turancin da ake rubuta jarida da doka da jarrabawa da shi. Wannan shi ne *non-standard*. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Basakkwace ya ce "munka tafi", "shina zuwa", babu mai hankalin da zai ce bai iya Hausa ba. Amma idan ɗalibi ya rubuta haka a insha'in jarrabawar Hausa, mai maki zai nemi "muka tafi" da "yana zuwa", saboda Daidaitacciyar Hausa ake gwadawa, ita kuwa an gina ta ne galibi a kan karin Kano. Da Sakkwatanci aka ɗauka tun farko, da Bakano ne zai sha jan biro.

Kalmomin nan uku da kika kawo ba ajinsu ɗaya ba, kuma wannan ne wurin da malamai da dama ke tuntuɓe.

*Gonna* ta fi sauƙi. Furuci ce kawai. Idan mai jin Turanci yana magana da saurin da aka saba, *going to* takan narke ta koma *gonna*, kuma farfesa da alƙali da mai karanta labarai duk suna yin haka ba tare da sun lura ba. A baki, cikin daidaitaccen Turanci take zaune daram. Rubuta ta ne ya fita daga daidaitaccen rubutu, shi ya sa ƙamusoshi ba su haɗu a kan alama ɗaya ba: wani ya ce ta hira ce, wani ya haɗa mata alamun biyu. Amma tana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ce za ki koya wa yara. *Going to* iri biyu ce. Akwai mai nuna abin da za a yi, wadda aikatau ke biyo ta, kamar *I am going to eat*. Akwai ta tafiya da ƙafa ko mota, wadda sunan wuri ke biyo ta, kamar *I am going to Kano*. Ta farkon ce kaɗai ke narkewa. Ba'amurke zai ce *I'm gonna eat* sau ɗari a rana, amma *I'm gonna Kano* ba za ta fito daga bakinsa ba, kuma idan ya ji ta zai san baƙo ne ke magana. Babu malamin da ya koya masa wannan a aji, hasali ma a aji hana shi rubuta kalmar ake yi. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi cewa abin da muke kallo tsari ne mai doka. Lalaci ba ya bambance aikatau da sunan gari.

Daga nan kurakuran ɗalibanmu suke fitowa fili. *She is gonna to come* kuskure ne a kowane kari, domin *to* tana cikin *gonna* tun farko, an maimaita ta ke nan. *We are gonna going* ma haka, domin aikatau tsura ake so a bayanta. *I gonna go* kuwa ta yar da *am*. A Turancin baƙaƙen fatan Amurka ana iya yar da *is* da *are*, a ce *he gonna go*, amma ba a yar da *am* haka nan, sai dai a dunƙule ta a ce *I'ma go*. Yaron da ya rubuta *I gonna go* bai yi daidaitaccen Turanci ba, bai kuma yi na mawaƙin da yake kwaikwayo ba.

*Ain't* ita ce aka fi tsangwama, kuma tarihinta ya nuna tsangwamar ta zamantakewa ce. Ta samo asali ne daga dunƙule *am not* da *are not*, an fara ganinta a rubuce da siffar *an't* a ƙarshen ƙarni na 17, sannan *ain't* a ƙarni na 18, zamanin da 'yan'uwanta irin su *don't* da *can't* da *won't* suke samun gindin zama. Masu kuɗi da masu sarauta na Ingila sun yi amfani da ita a hira har cikin ƙarni na 19. Sauran aka karɓe su, ita aka kore ta, bayan an jingina ta da talakawan London da marasa ilimin boko. Dubi *won't* da kyau: ba ta fi *ain't* kama da asalinta ba, ina *will* ina *wo*? Amma babu mai ja mata layi. Korar ta ma ta bar giɓi a daidaitaccen Turanci. Ana cewa *isn't he?* da *aren't you?*, amma idan aka zo kan *I* babu dunƙulalliyar *am not*, sai aka koma ga *aren't I?*, alhali babu mai cewa *I are*. A Scotland da Ireland wasu na cewa *amn't I?*, wadda ta fi bin ƙa'ida, amma ita ma ba a karɓe ta a daidaitacce ba. Har a 1961, da ƙamus ɗin Webster na uku ya fito a Amurka ƙarƙashin editansa Philip Gove, jaridu sun yi masa ca saboda a ganinsu ya sassauta wa *ain't*, don ya rubuta cewa masu ilimi da yawa suna faɗin ta a baki.

Abin da zai yi miki amfani a aji shi ne sanin ayyukanta, domin kalma ɗaya ce take aikin kalmomi da dama. Tana tsayawa a madadin *am not*, *is not*, *are not*, *has not* da *have not*. Idan za a mayar da ita daidaitacce, kalmar da ke bayanta ake kallo. In suna ko sifa ko aikatau mai *-ing* ya biyo baya, to dangin *be* ne: *he ain't ready* ta zama *he isn't ready*, *they ain't coming* ta zama *they aren't coming*. In *got* ce ko siffar aikatau ta uku, galibi dangin *have* ne: *I ain't seen him* ta zama *I haven't seen him*. Na ce galibi, domin *it ain't broken* tana komawa *it isn't broken*, tunda a nan halin abin ake bayyanawa. Sai wuri na uku, mai tarko. A Turancin baƙaƙen fatan Amurka, idan aikatau tsura ya biyo ta, ma'anarta *didn't*: *I ain't know that* na nufin ban sani ba a lokacin. Ɗalibanmu kan ɗauka *ain't* kalmar korewa ce da ake jefawa ko'ina, sai yaro ya rubuta *I ain't like beans* yana nufin ba ya son wake. Wanda ya tashi da karin zai fahimci cewa wake ne aka ba shi wani lokaci can baya bai ji daɗinsa ba, wanda bai tashi da shi ba kuwa zai ji jimlar a karye. Ko ta wace fuska saƙon bai isa ba.

Yanzu kore biyu, inda maganar ta fi tsawo.

Hujjar da aka koya mana duka ita ce ta lissafi: korewa biyu suna kashe juna, don haka *I don't know nothing* wai tana nufin na san wani abu. Wannan magana ta shahara ne ta littafin nahawun Robert Lowth, wanda ya fara fitowa a 1762, sannan Lindley Murray ya yaɗa ta da nasa littafin na 1795 da makarantu suka yi shekaru suna amfani da shi. Adalci a nan shi ne a ce ba Lowth ne ya kashe tsarin ba. Kafin zamaninsa masu ilimi sun riga sun rage shi a rubutu, shi dai ya sa wa abin hatimi. Kafin haka kuwa tara kalmomin korewa shi ne Turanci na yau da kullum. Geoffrey Chaucer, marubucin waƙoƙin Ingila wanda ya rasu a 1400, ya yabi wani jarumi da cewa *He nevere yet no vileynye ne sayde / In al his lyf unto no maner wight*. Ƙirga: *nevere*, *no*, *ne*, *no*. Korewa huɗu, ma'ana ɗaya: bai taɓa faɗa wa kowa mummunar magana ba. Da lissafi ake bi, da huɗun sun kashe juna an koma zagin mutumin.

Hujjar lissafin tana rushewa da gwaji ɗaya da za ki iya yi a allo. Idan biyu na kashe juna, uku ya kamata su dawo korewa, don haka *I didn't give nothing to nobody* ta zama karɓaɓɓiya. Amma duk mai ƙin biyu yana ƙin uku. Ashe ba lissafi yake yi ba, kunnensa ne ya saba da wani kari. Sannan harsuna da yawa sun mayar da wannan tsari shi ne daidaitaccensu. Mutumin Sifen zai ce *no vi nada*, wato ban ga komai ba, mutumin Italiya *non ho visto nessuno*, wato ban ga kowa ba, duka da kalmomin korewa biyu, kuma a Rashanci ma dole ne a yi haka. Ba za a ce al'ummomin nan duka sun kasa tunani ba.

Abin da ke faruwa a zahiri jituwa ce. Jimlar korewa ɗaya take ɗauke da ita, sai kalmomin da ke biye su ɗauki alamarta, kamar yadda a Hausa idan suna jam'i ne sifa da wakilin suna ke bin sa. Masanin harshe William Labov ya yi wa wannan tsari cikakken nazari a 1972, ya nuna cewa masu shi suna bin ƙa'idoji masu tsauri. Daidaitaccen Turanci ma yana da tasa jituwar, da kalmomin *any* yake yin ta: *I didn't give anything to anybody*. Wuraren da wancan ya sa *no*, nan wannan ya sa *any*, gurbi da gurbi. Hausa a nan ta fi kusa da daidaitaccen. A "ban ga kowa ba", *ba* biyun nan korewa ɗaya ce mai ɓangare biyu, "kowa" kuma ba kalmar korewa ba ce, shi ya sa ake cewa "kowa ya zo". Don haka Bahaushe bai gaji *I didn't see nobody* daga harshensa ba, a kunne ya tsince ta.

Akwai kuma kore biyu na gaske, wanda yake daidaitacce, kuma kada ki ja masa layi. *I can't not go* na nufin ba yadda zan yi in ƙi zuwa. *It is not uncommon* na nufin abin yana faruwa, ba dai kullum ba. Ko *I didn't say nothing* ma tana iya zama daidaitacciya idan aka danna murya a kan *nothing*, ana musanta zargin cewa mutum ya yi shiru: ai na faɗi wani abu. Murya da abin da aka faɗa kafin nan su ke raba gardama, kuma masu harshen ba sa ruɗewa. A rubuce babu murya, wannan kuwa dalili ne na gaske, wanda yaro zai yarda da shi, na guje wa kore biyu a takardar yarjejeniya ko rahoto.

Hanyar gyara ba ta da wuya. A bar korewa ta farko, a mayar da duk na bayanta dangin *any*: *nothing* ta koma *anything*, *nobody* ta koma *anybody*, *nowhere* ta koma *anywhere*, *never* ta koma *ever*, *neither* ta koma *either*. Ko kuma a cire *not* a bar kalmar *no* guda ɗaya: *I saw nothing*. Wuri biyu ake zamewa. Ɗaya, idan kalmar ce ke farkon jimla a matsayin mai aikatawa. Yaron da ya haddace "mayar da *no* zuwa *any*" zai gyara *nobody didn't come* ya rubuta *anybody didn't come*, musamman da yake "kowa bai zo ba" tana kaɗa masa a kai. Wannan ya fi na farkon muni, domin na farkon akwai masu faɗin sa a kudancin Amurka, na biyun kuwa ba na kowa ba ne a daidaitacce. Daidai shi ne *nobody came*. Ɗaya wurin kuma shi ne *hardly*, *scarcely* da *barely*, waɗanda korewa ce a ɓoye: *I can't hardly hear* kore biyu ce, a daidaitacce *I can hardly hear*.

Mu ɗauki misali irin wanda za ki tarar a littafin aikin gida. A ce an ba su wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta kan tagar da aka fasa, yaro ya rubuta:

*Sir, I ain't gonna lie to you. I didn't saw nothing. I was gonna the library when it happened.*

Jimla uku, matsala iri uku, kuma jan layi ɗaya dogo ba zai koya masa komai ba. Jimlar farko lafiyarta ƙalau a karin da aka aro ta, kowace kalma tana gurbinta. Laifinta wurin da aka kawo ta. A gefe ki rubuta cewa ba daidaitacce ba ne, bai dace da wasiƙar hukuma ba, ya sake ta: *I am not going to lie to you*. Jimla ta biyu tana ɗauke da abu biyu da dole a raba su. *Didn't saw* kuskure ne tsantsa, domin *did* ta riga ta ɗauki lokacin da ya wuce, aikatau tsura ake so bayanta. *Nothing* kuwa jituwar korewa ce, ba daidaitacciya ba. Da ya rubuta *I didn't see nothing*, da matsala ɗaya ce tak. Gyaran shi ne *I did not see anything*. Jimla ta uku kuskure ce, kuma dalilinta shi ne wanda na kawo a sama: laburare wuri ne, sai *going to* cikakkiya. Ga shawarata: ki ware alamomi biyu, misali layi ɗaya a ƙarƙashin kuskure, da'ira kuma a kan abin da wurinsa ne bai dace ba, ki bayyana wa aji ma'anarsu tun farkon zango. Wanda aka ja wa layi ƙa'ida zai koma ya koya. Wanda aka zagaye wa sauyawa zai koya, kuma atisayensa daban ne: ki ba shi jimla biyar daga waƙar da yake so, ya mayar da su daidaitacce, ya faɗi abin da kowace *ain't* ta tsaya a madadinsa.

Batun maki kuwa, kada bayanin nan ya sa ki sassauta inda bai kamata ba. Jarrabawar WAEC da NECO daidaitaccen Turanci suke gwadawa, kuma mai maki ba zai tsaya tantance tarihin *ain't* ba. A insha'i, da wasiƙar hukuma, da taƙaita labari, *gonna* da *ain't* da kore biyu duk suna jawo asarar maki, don haka ki rage wa ɗalibi kamar yadda za a rage masa a can. A wasiƙa zuwa ga aboki *don't* da *I'm* da *can't* sun dace, amma ni ba zan bar ɗalibi ya kai har *gonna* da *ain't* ba, domin ribar kaɗan ce, kasadar ta fi ta. Wuri guda da za su iya shiga da hujja shi ne cikin alamar zance a ƙagaggen labari, inda aka sa su a bakin wani mutum da ya dace da su, kuma aka gina su daidai. A darasin furuci kuwa akasin haka nake gani: yaron da ya ce *gonna* a inda take halal yana nuna kunnensa ya kama yadda harshen ke gudu, bai kamata a tsayar da shi ba.

Ki kuma gaya musu gaskiya game da farashin abin a wajen aji. Cewa masana harshe ba sa kiran *ain't* kuskure bai hana mai ɗaukar aiki a London ko New York yanke wa mutum hukunci a kanta ba. Masu daidaitaccen Turanci kan ɗauko ta da gangan don armashi, kamar yadda shugaban Amurka na lokacin Ronald Reagan ya riƙa cewa *you ain't seen nothing yet* a yaƙin neman zaɓen 1984, ko karin maganar nan *if it ain't broke, don't fix it*. Suna tsira da haka ne saboda kowa ya san sun iya ɗayan. Ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa ba a yi masa wannan kyakkyawan zaton, sai a ɗauka iyakar abin da ya iya ke nan. Wani lokaci ma masu karin kansu kan ji kamar ana kwaikwayonsu ne don raha, musamman idan an jefa kalmar a gurbin da ba nata ba. Saboda haka a wannan aji, abin da za ki nema daga gare su game da *ain't* da kore biyu shi ne su fahimce su idan sun ji, su iya mayar da su daidaitacce ba tare da tuntuɓe ba. Yaron da ya kawo miki ƙamus, ki ba shi jimlolin tagar nan uku ya rarrabe su a allo gaban aji, ya faɗi wadda ƙamus ɗinsa zai kare da wadda ba zai kare ba.